Kurakuran da kuke yi kan yaƙin jiragen Girkawan da, na gaji da gyara su

Na gaji wallahi. Duk yaron da ya kawo min rubutu kan yaƙin ruwa na Girkawa da Rumawa sai na tarar da kuskure iri ɗaya, kamar daga littafi ɗaya kuke kwafa. Bari in zube su a nan, wanda ya sake yi kuma ba ruwana.

Na farko shi ne wanda ya taɓa ba ni kunya, shi ya sa zan daɗe a kansa. Kuna ɗaukar ƙahon tagullan da ke goshin jirgin nan, wanda Girkawa ke ce wa embolon, kamar mashi ne, wai jirgi ya taho a guje ya soki ɗan'uwansa gaba da gaba kamar raguna biyu, wanda aka soka ya nutse har ƙasan teku. Haka na rubuta a wata takardar semina ina ɗalibi, har da zane na yi, ƙaho mai tsini kamar allura. Malamin ya bari na gama tsaf sannan ya ce, to malam, idan ka soka ƙahon ya shige ciki, ta yaya za ka zaro shi? Na tsaya kamar gunki, aji ya fashe da dariya, kuma takardar nan sai da na sake ta daga farko, hutun zango guda ya tafi a kanta.

Ku je ku kalli hoton ƙahon da aka tsamo a tekun Atlit, a gaɓar Isra'ila, a 1980. Nauyinsa kilo 465, tsawonsa ya ɗan haura mita 2, kuma bakinsa ba tsini, faffaɗa ne mai fukafukai uku a kwance. Aikinsa ya daki katako ya ɓalle haɗin allunan a daidai bakin ruwa, ruwa ya shiga, shi kuma maharin ya ja da baya nan take. Wanda ƙahonsa ya maƙale ya shiga uku, don sojojin wancan jirgin za su tsallako masa, ko wani jirgin ya zo ya dake shi a haƙarƙari yana tsaye. Kuma karo gaba da gaba kowa na ji a jikinsa. Masanin tarihi Herodotas ya ba da labarin Girkawan Fokiya a yaƙin Alaliya, wai su suka yi nasara, amma cikin jirage 60 sun rasa 40, sauran 20 ɗin kuma duk ƙahonninsu sun lanƙwashe. Shi ya sa gwanaye irin 'yan Atina gefe ko baya suke nema, ko su ratsa layin abokan gaba su juyo su daki baya, ko su zagaye ƙarshen layin.

Nutsewar ma ba haka take ba. Jirgin katako ne marar nauyi, in ya fashe sai ya cika da ruwa ya tsaya yana yawo kamar kwalekwalen da ya kife, bayan yaƙi masu nasara su ɗaure shi su ja abinsu. Don haka in ka karanta an nutsar da jirage kaza, gane cewa an kassara su ne.

Ni maganin da na samo wa kaina, kafin in rubuta komai sai na zube ashana a kan tebur na jera jiragen, in tambayi kaina wa ke da filin juyawa. Gwada da yaƙin Formiyo, kwamandan Atina, na shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa, a bakin mashigin Korinti. Shi yana da jirage 20, mutanen Korinti da ƙawayensu 47, amma nasu sojoji suka ɗauko za su kai wani wuri, ba shirin yaƙin ruwa suka yi ba. Sai suka yi da'ira, goshi waje, suka sa ƙananan jirage da jirage 5 mafi gudu a tsakiya. Formiyo ya jera nasa layi ɗaya yana ta kewaya su, yana matsowa kamar zai daka sai ya wuce, kuma ya hana kowa kai hari sai ya ba da alama. Su kuma kowa na ɗan ja da baya, da'ira na ƙara matsewa. Abin da yake jira iskar da ya san tana tasowa daga mashigin da asuba. Tana tasowa jirage suka fara gwaruwa, ana tunkuɗe juna da sanduna, ana ihu ana zagi har matuƙa ba sa jin mai ba su umarni, waɗanda ba su ƙware ba kuma sun kasa ɗaga filafilai daga cikin igiyar ruwa. A lokacin ya ba da alama, ya kama jirage 12. In ka jera wannan da ashana za ka ga duka na ƙarshe minti kaɗan ne, aikin duk a tuƙi yake.

Na biyu, kuma wannan lalaci ne kawai, kuna cika saman jirgi da sojoji kamar motar kasuwa. Ku ƙirga mana! Jirgin Atina mai hawa uku na matuƙa mutum 200 yake ɗauka, 170 matuƙa ne, 62 a sama, 54 a tsakiya, 54 a ƙasa. Sojoji masu sulke bisa al'ada 10 ne, maharba kibiya 4, ragowar ma'aikatan jirgi. Tsawonsa kusan mita 37 amma siriri ne, mutane suka fara zirga-zirga a sama sai ya karkata, bugun filafilai ya rikice. To ina za ka zuba soja ɗari?

Amma kar wani ya ɗauki wannan ya ce tsallakawa cikin jirgin abokin gaba aikin marasa wayo ne, na ga masu zaƙewa ta nan ma. Fili ke yanke hukunci. A tashar Sirakusa da ke tsibirin Sisili, a 413 kafin haihuwar Annabi Isa, babu wurin juyawa, mutanen garin suka gajarta goshin jiragensu suka ƙarfafa shi da manyan katakai, suka riƙa dukan 'yan Atina gaba da gaba, gwanintar Atina ta tashi a banza. Rumawa kuma a Mailai a 260, da suka san Kartajawa, abokan gabansu na arewacin Afirka, sun fi su iya tuƙi, sai suka kafa gada mai ƙusar ƙarfe a goshin jirgi, a sake ta ta cake jirgin abokin gaba sojoji su tsallaka, kuma suka ci yaƙin.

Sauran ƙanana ne. Matuƙan Atina ba bayi ba ne cikin sarƙa ana zabga musu bulala, yawancinsu 'yantattu ne da ake biya, sai in an matsu ake sa bayi kamar a 406. Kar ka zana jirgi yana yaƙi da babban ƙyallen iska a buɗe, a gaɓa ake barinsa kafin a shiga. Kar kuma ka ce sun yi wata guda a tsakiyar teku, babu wurin kwana babu wurin ajiye ruwan mutum 200, dole a sauka gaɓa a ci abinci, kuma a haka Lisanda, kwamandan Sparta, ya ritsa jiragen Atina a 405, mutanensu sun watsu neman abinci. Wanda ya kawo min rubutu a kan wannan yaƙin yana kwatanta karon ƙaho da ƙaho, a ƙofa zan mayar masa da takardarsa.