Kurakuran da aka fi yi wajen karanta sakamakon gwajin jini

Da yawa daga cikinmu in aka miƙo mana takardar gwajin jini ta FBC, gwajin da ke ƙirga ƙwayoyin jini, ido yakan faɗa kan layi ɗaya kawai, wato HGB ko Hb, ma'aunin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, sai a ce "jini ya yi ƙasa" a wuce kyamis a sayo maganin ƙarin jini. Nan babban kuskuren yake, domin wannan layin yana nuna cewa jini ya ragu ne, amma ba ya faɗin abin da ya rage shi.

A fara da ma'auni. Namiji baligi ana cewa yana da ƙarancin jini idan Hb ɗinsa bai kai 13 g/dL ba, mace kuwa 12, mai juna biyu 11. Wasu ɗakunan gwaji da g/L suke rubutawa, don haka 105 a takardarsu daidai yake da 10.5. PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, wanda injin kan rubuta HCT, kusan ninkin Hb uku ne. Kada a ɗauki ɗaya a matsayin ɗayan.

Layin da aka fi tsallakewa shi ne MCV, girman jajayen ƙwayoyin jini, wanda a babba yakan tsaya tsakanin 80 da 100. A ce mace ce mai Hb 9.2, PCV 28, MCV 70. Ƙwayoyinta sun ƙanƙance, kuma galibi hakan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. To ina ƙarfen yake tafiya? Wataƙila jinin al'ada ne mai yawa, ko haihuwa a kai a kai, ko tsutsar ciki, ko gyambon ciki mai tsiyayar jini a ɓoye. Idan ba a toshe inda yake zuba ba, magani zai ɗaga jinin ya sake sauka. A wajen namiji ko dattijuwa da ta daina al'ada, irin wannan sakamakon dole a binciki ciki da hanji, kuma ina roƙo kada a yi wasa da wannan.

Da MCV ɗin ya wuce 100, sai a nemi ƙarancin folik asid ko bitamin B12. Zazzabin cizon sauro kan saukar da Hb tare da PLT, ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare. Mai sikila kuwa sau da yawa Hb ɗinsa tsakanin 6 da 9 yake zama, kuma ba a ba shi ƙarfe sai gwaji ya nuna buƙata.

Wani kuskuren shi ne daina shan ƙwayar ƙarfe da zarar jiki ya ji ƙarfi. Akan ci gaba wata uku bayan Hb ya daidaita, kuma kada a haɗa ta da shayi, don yana hana ta shiga jiki. Idan Hb ya sauka ƙasa da 7, ko ana haki, jiri da bugun zuciya, ko WBC, wato fararen ƙwayoyin jini, da PLT ma sun faɗi tare da shi, a tafi asibiti a ranar.