Darasi na Bakwai: Bin sawun kod mai maimaitawa daga hoton waya

Sau da yawa kod yakan zo mana a hoto. Wani ɗan aji a Jidda ya ɗauki allo da waya ya tura, ana tambayar abin da kwamfuta za ta fitar. Hoto ba ya gudu a kwamfuta, don haka takarda da biro za mu ɗauka.

Fara kwafe kod ɗin a takarda, layi bayan layi, har da tazarar da ke farkon kowane layi. Ga misali da Python: mai tara kuɗi yana ajiye riyal 10 ranar farko, 20 rana ta biyu, haka yake ƙarawa.

```python
jimla = 0
for rana in range(1, 5):
    jimla = jimla + rana * 10
    print(jimla)
```

Kafin ka taɓa lissafi, gano zagaye nawa za a yi. `range(1, 5)` yana farawa daga 1 ya tsaya a 4, ba ya kaiwa 5. Zagaye huɗu ke nan, sai ka ja layi huɗu a jadawalinka.

| `rana` | `jimla` kafin | `rana * 10` | `jimla` bayan | allo |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 0 | 10 | 10 | 10 |
| 2 | 10 | 20 | 30 | 30 |
| 3 | 30 | 30 | 60 | 60 |
| 4 | 60 | 40 | 100 | 100 |

Cike shi layi ɗaya-ɗaya, kada ka tsallake ko da ka hango amsa. Abin da ke gidan "bayan" shi za ka sauko da shi gidan "kafin" na layi na gaba. Alamar `=` a nan umarni ce: a lissafa ɓangaren dama da tsohuwar lamba, sannan a zuba sakamakon cikin `jimla`. Ninkawa kuma tana riga tarawa, shi ya sa muka ba `rana * 10` gidansa daban.

Inda hoto ya fi cutar da mai karatu shi ne layin `print`. Idan an riƙe waya a karkace, da wuya ido ya tantance ko layin ya shiga ciki ko yana bakin gefe. Ƙara girman hoton, ka duba harafin farko. In `p` tana ƙarƙashin `j` ta layin da ke samanta, `print` na cikin zagayen, allo zai nuna 10, 30, 60, 100, kowace a layinta. In tana ƙarƙashin `f` ta `for`, sai an gama zagayen za a buga, kuma 100 kaɗai za a gani. Kod ɗin bai canza harafi ko ɗaya ba, tazara ce kawai.

Wanda ya saba da lambobin Larabci a takardun kanti ya kula wajen kwafa, domin biyar ɗinsu zagaye ce mai kama da sifirin boko.

In ka samu 150 a ƙarshe, ka yi zagaye na biyar da babu shi, goge layin.

Aikin gida: mayar da `range(1, 5)` ya zama `range(2, 5)`, ka ja sabon jadawali. Lambar ƙarshe ta kamata ta zama 90.