Yadda zaka rubuta bayanin aikin sitokifa in ka buɗe sabon gurbi

In kasuwa ta buɗe har kana neman wanda zai riƙe maka sito, kar ka ɗauki mutum da baki kawai, zauna ka rubuta aikin a shafi ɗaya.

Da farko sa sunan gurbin da dalilinsa a layi ɗaya: sitokifa, mai kula da shiga da fitar kaya.

Sai ka faɗi wa zai riƙa kaiwa rahoto. Mutum ɗaya tak, misali manajan shago. Nan ne ake yawan samun matsala wallahi, in oga yace a fitar da buhu goma akanta yace a dakata, yaron bai san maganar wa zai bi ba, kuma ranar da kaya suka ɓace kowa zai zame. Rubuta ƙarara cewa ba a fitar da komai sai da takarda mai sa hannun manaja.

Bayan nan ayyukansa, kar su wuce biyar ko shida: karɓar kaya da ƙirgawa a gaban direba, shigarwa a leja ranar da suka iso, fitar da tsohon kaya kafin sabo, ƙirga sito duk ƙarshen wata.

Na ƙarshe ma'auni. “Ya kasance mai ƙwazo” ba a auna shi. Sa lamba: rahoto duk Asabar kafin ƙarfe 12, bambancin leja da abinda ke ƙasa kar ya wuce katan 1 cikin 100, sanar da manaja wata 2 kafin kaya su lalace. Ku duba tare bayan wata 3, ku sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.