Darasi: Auna Ɗaki Kafin Sayen Labule, Fitilu da Ribon

Idan za a yi jeren ɗakin amarya, ko a gyara falo don suna ko Sallah, yawanci akan tafi kasuwa da ƙiyasin ido. Sai an dawo gida a ga labule ya ɗage, ko fitilu sun ƙare a tsakiyar ƙofa. Mai shago kuwa ba ya karɓar ƙyallen da ya riga ya yanka. A wannan darasi za mu auna taga ɗaya, ƙofa ɗaya da bango ɗaya, mu fitar da abin da za a saya. Abin da ake aunowa a jikin gini ba shi ne adadin da ake saye ba, kowane kaya da irin ƙarin da yake bukata.

Kayan aiki

A nemi tef ɗin tela, da fensir, da takarda, da doguwar igiya. Tef ɗin tela yana da fuska biyu: ɗaya inci ce, takan ƙare a 60, ɗayar santimita ce, takan ƙare a wajen 150. A zaɓi fuskar inci a tsaya a kanta, domin da yadi ake sayar da ƙyalle a kasuwa. Inci 12 ƙafa ɗaya ce, inci 36 kuma yadi ɗaya. Mita ɗaya ta ɗan fi yadi, wajen inci 39 ce. Wurin da ya fi tef tsawo, a miƙa igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ƙulla alama, sannan a sauke ta a auna a ƙasa. Awo da taƙi ko kamu ba laifi ba ne wajen ƙiyasi, amma hannun mai saye da na mai sayarwa ba ɗaya ba ne.

Labulen taga

Nan ne kuɗi suka fi tafiya, don haka mu bi a hankali. A ce tagarmu faɗinta inci 48, tsayinta ma 48.

Ba faɗin tagar ake bi ba, tsawon ƙarfen labule ake bi. Ƙarfen yakan wuce taga da kamar inci 6 ta kowane gefe don kada rana ta leƙo ta gefe, wanda kuwa ya san ranar Sakkwato a watan Afrilu ya san amfanin wannan. Ke nan 48 da 6 da 6, inci 60. Labule kuma sai da tattara yake kyau, shi ya sa ake ninka wannan adadi biyu, ya zama inci 120. Wanda kuɗinsa suka gaza yana iya yin ɗaya da rabi, wato 90. Ƙasa da haka labulen zai miƙe sambal, kuma da an ja shi tsakiya za ta buɗe.

Sai tsayi. Ƙarfen yana sama da taga da inci 6, labulen kuma ya sauko ƙasa da ita da inci 6, ya zama 60. A ƙara inci 10 na kalmasa, sama da ƙasa. Kowane falle zai ci inci 70.

Saura tambayar da mutane suka fi mantawa da ita. Kafin a yi ciniki a ce wa mai shago, “Alhaji, faɗin wannan inci nawa ne?” In ya yi shakka, a sa tef a auna. Idan faɗin ƙyallen 60 ne, falle biyu sun ba da 120 ɗin da muke nema. Falle biyu sau 70, inci 140. A raba da 36, za a sami yadi 3 da ragowar inci 32, sai a sayi yadi 4.

Idan kuwa faɗinsa 45 ne, falle biyu 90 kawai za su bayar, sai an yi uku. Uku sau 70, inci 210, wato yadi 5 da ragowar inci 30, sai a sayi yadi 6. Taga ɗaya ce, amma bambancin yadi biyu ya shiga. Saboda haka ƙyalle mai araha maras faɗi yana iya fin mai faɗi cin kuɗi, sai an lissafa duka biyun a gani. Mai manyan furanni kuma yana son ƙari, don tela ya daidaita zanen falle da falle. Na auduga yakan ɗan tsuke a wankin farko, gara a jiƙa shi ya bushe kafin a kai ɗinki.

Fitilun ƙofa

Ƙofa gefe uku ake zagayawa, ban da ƙasa. A ce tsayinta inci 84, faɗinta 36. Hawa 84, tsallakawa 36, sauka 84, jimla 204. Fitilun ado kuwa da mita aka saba rubuta tsawonsu a kwali. A raba 204 da 39, za a ga mita 5 da ɗan kai. Ashe mai mita 5 ba za ta kai ba, ko da yake a ido sai a ce ta isa.

A duba wani abu tun a shago. Daga filogi zuwa ƙwan farko akwai waya zalla wadda ba ta haske, kuma wani lokaci da ita aka lissafa tsawon da ke kwali. A warware, a auna daga ƙwan farko zuwa na ƙarshe, a sa mai shago ya kunna a gani. A gida kuma a auna daga soket zuwa gindin ƙofa, a rubuta shi daban. Idan fitilun sun yi yawa, kada a yanke, domin yanka yakan kashe sauran ko ya bar waya tsirara. A mayar da ragowar ta bi gefen ƙofa a karo na biyu.

Ribon a bango

Bangonmu ƙafa 12 ne, yadi 4 ke nan. Za a kafa ƙusa a kowane yadi, ribon ya riƙa lilo tsakaninsu. Tazara huɗu ce, amma ƙusa biyar, tunda akwai ta farko da ta ƙarshe. Kowace tazara a ba ta yadi ɗaya da kwata don ta sauko, huɗun su ci yadi 5. Idan ana son ƙullin ado a kan kowace ƙusa, a gwada ɗaya da igiya, a kwance a auna. In ya ci yadi ɗaya, biyar sun ci yadi 5. Jimla 10, a ƙara ɗaya saboda ɓarnar yanka, yadi 11. Ƙusa ta fi salatif, don zafi yana sa gam ya saki.

Takardar da za a tafi da ita Babbar Kasuwa za ta nuna haka: labule yadi 4 in faɗi 60, yadi 6 in faɗi 45, fitilu masu hasken mita 6 ko fiye, ribon yadi 11. A sa tef ɗin a jaka.

Aikin gida

Kowa ya auna taga ɗaya a gidansa, ya rubuta faɗi da tsayi da inci. Ya lissafa yadin da zai saya idan faɗin ƙyalle 60 ne, sannan idan 45 ne. A zo da takardar aji na gaba, kowa ya musanya da na kusa da shi a duba lissafin juna.