Babi na 6: Feshin Barkono da Iska

Darasi na ɗaya: Abin da ke cikin gwangwanin

Feshin barkono ɗan gwangwani ne da ke shiga tafin hannu. A cikinsa akwai mai da aka tatsa daga barkono mai zafi, an cusa shi tare da iskar gas mai turo shi waje. Sinadarin da ke kawo raɗaɗin sunansa kafsaisin. Idan ya taɓa ido, idon yana rufewa da kansa ko mutum bai so ba, hawaye da majina su zubo, tari ya sarƙe shi, fatar fuska ta yi ta ƙuna. Zafin yakan ɗauki minti 30 zuwa 45 kafin ya lafa. Ba ya sumar da mutum, ba ya kuma ɗaure masa hannu. Abin da yake ba ku shi ne damar gudu.

Darasi na biyu: Iska

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kada ku damu, da gwaji ake iyawa.

Abin da ya fito daga gwangwanin ba shi da nauyi, inda iska ta nufa can yake bi. Kafin ku danna, ku tambayi kanku: daga ina iska take zuwa? Idan kuna jinta a ƙeya, tana bayanku, za ta kai feshin ga wanda ya tare ku. Idan a fuska kuke jinta, to gare ku za ta dawo da shi. Ku sake karantawa. A ƙeya, ta yi muku aiki. A fuska, ta yi wa maharin aiki.

Ga misali. Mutum ya nufo ki, tsakaninku taku huɗu, iska kuma tana bugun fuskarki har rigarki ta manne a ƙirji. In kika danna a nan, feshin ba zai kai gare shi da ƙarfi ba, burbushinsa zai dawo idonki, ki makance shi yana gani. Sai ki matsa gefe har sai iskar ta koma bugun kuncinki. Yanzu tana ratsa tsakaninku. In daga dama take zuwa, za ta kwashe feshin zuwa hagu, saboda haka ki ɗan karkata bakin gwangwanin zuwa dama. Ki miƙa hannu, ki saita idonsa, ki danna na daƙiƙa ɗaya, ki bar wurin ta ɓangaren da iskar ke fitowa. Kada ki bi ta inda kika fesa.

Ku gwada da kwalbar fesa ruwa a fili. Ku juya wa iska baya ku fesa, sannan ku fuskance ta ku fesa, ku ji yadda ruwan ke jiƙa muku fuska. Ruwa ne kawai, babu abin tsoro. Amma ina ganin wasu, da zarar an ce "fesa" sai su danna ba su ko lura da iska ba, bayan an faɗa an maimaita. Wannan sakaci ne. Ranar da abin gaske ne a hannunku, babu malamin da zai ce ku sake. Iska tukuna, sannan yatsa. A ƙeya ko a fuska? Ku amsa kafin ku danna.

Irin gwangwanin ma yana da tasiri. Mai fitowa kamar hazo shi iska ta fi kwashewa. Mai fitowa a tsaye siriri, da mai kauri mai manne wa fuska, sun fi jure mata, sai dai suna buƙatar saiti. A cikin ɗaki ko mota kuwa, mai hazo yana kama kowa, har ku.

Darasi na uku: Nisa

Ƙananan gwangwanaye sukan kai mita 2 zuwa 4, kuma an rubuta nisan a jiki. Iska mai ƙarfi tana rage shi. In tazarar da ke tsakaninku da maharin ba ta kai mita 1 ba, za a iya fizge shi daga hannunku. Ku sani kuma akwai wanda ba ya tsayawa nan take, musamman wanda ya bugu ko mai tabarau, don haka kada ku tsaya kallo.

Darasi na huɗu: In ya taɓa ku

Kada ku murza ido. Ku fita inda iska ke kaɗawa, ku yi ta ƙiftawa, ku wanke da ruwan sanyi mai yawa. In numfashi ya gagara, a tafi asibiti.

Darasi na biyar: Ajiya da doka

Ku duba ranar ƙarewar wa'adinsa, kada ku bar shi a mota mai zafi ko inda yara za su kai. Wasu ƙasashe, kamar Birtaniya, sun haramta riƙe shi, sai ku tambayi dokar inda kuke kafin ku saya.