Yadda Ake Bitar Lissafin Juyawa a Fiziks Cikin Mako Biyu Kafin Jarrabawa

Sashen juyawa a fiziks bai da fomuloli masu yawa, kuma kusan kowace fomula tana da 'yar'uwa a darasin tafiya a miƙe da ka riga ka sani. Inda maki ke zubewa wurare huɗu ne: ma'aunin kusurwa, tazarar da ake sa wa a lissafin ƙarfin murɗi, layin da abu yake juyawa a kansa, da mancewa cewa abin da ke gangarawa yana tafiya kuma yana juyawa a lokaci guda. A kan waɗannan huɗun aka gina wannan tsari. Ana buƙatar awa ɗaya da rabi kullum: minti 20 na karatu, minti 50 na warware tambayoyi littafi a rufe, minti 20 na gyara. Ka tanadi kalkuleta, tsofaffin takardun jarrabawarku, da ƙaramin littafi na rubuta kurakurai kawai. Kafin ka fara, duba manhajar jarrabawar, don wasu manhajoji sun tsaya a tafiya a da'ira da ƙarfin murɗi. In taku haka take, ka tsawaita kwanaki biyar na farko, ka bar sauran.

Rana ta 1 zuwa ta 3: radiyan da gudun juyi

Ranar farko ka ja layi a tsakiyar takarda. Hagu tafiya a miƙe, dama juyawa: s da θ, v da ω, a da α, m da I, F da τ. Daga nan ka sake rubuta fomulolin da ka sani da sababbin haruffa. v = u + at ta zama ω = ω₀ + αt, F = ma ta zama τ = Iα, ½mv² ta zama ½Iω². A ƙasa ka sa gadoji uku da ke haɗa ɓangarorin: s = rθ, v = rω, a = rα. Wannan takarda za ka riƙa rubuta ta da ka kowace rana kafin ka fara aiki, har ta daina ɗaukar ka fiye da minti uku.

Gadojin nan ba sa aiki sai kusurwa tana cikin radiyan. Zagaye ɗaya cikakke radiyan 2π ne, wato digiri 360. Ga misali da ya kamata ka iya yi ido rufe kafin rana ta uku ta ƙare: fanka tana zagaye 300 a minti, aka kashe ta, ta tsaya cikin sakan 5 tana rage gudu daidai wa daida. Gudun farko shi ne 300 × 2π ÷ 60 = 31.4 rad/s. To α = (0 − 31.4) ÷ 5 = −6.28 rad/s². Kusurwar da ta ci kafin ta tsaya ita ce matsakaicin gudu, 15.7, sau 5, wato radiyan 78.5. Raba da 2π ka sami zagaye 12.5. Gwada amsar da hankali: zagaye 300 a minti zagaye 5 ne a sakan, rabinsa 2.5, sau sakan 5, ya ba da 12.5 ɗin dai. Wanda ya jefa 300 kai tsaye cikin fomula zai sami 750, kuma fankar da ta tsaya cikin sakan biyar ba za ta yi wannan zagayen ba.

Sai ka kula da kalkuleta. In kana neman sin 30° tana kan RAD, za ta ba ka −0.988 maimakon 0.5. Duba kan allon ko DEG ne ko RAD kafin kowace tambaya.

Rana ta 4 da ta 5: ƙarfin murɗi

τ = rF sin θ, inda θ take kusurwar da ke tsakanin hannun da ƙarfin. Sufana mai tsawon mita 0.25, ka danna ƙarshenta da 40 N a tsaye da hannunta, murɗin 10 N m ne. Ka karkata hannunka har kusurwar ta koma digiri 30, ya ragu zuwa 5 N m. In amsarka 8.66 ce, cos ka sa a wurin sin. Mai tsara tambaya yakan ba da kusurwar da ƙarfin ya yi da wani layi dabam da gangan, saboda haka kada ka ɗauki lambar da ke jikin zanen ka wuce. Tsawaita layin ƙarfin da fensir, ka auna tazara mafi kusa daga wurin juyawa zuwa wannan layin. Ita ake ninkawa da F.

A rana ta biyar ka yi tambayoyin daidaito, irin na katako a kan madogara. Dabarar ɗaya ce: ɗauki murɗi daga wurin da ƙarfin da ba ka sani ba yake aiki, sai ya fita daga lissafin tunda tazararsa sifili ce. Kuma kada ka manta da nauyin katakon kansa, wanda ke aiki a tsakiyarsa in kaurinsa ɗaya ne.

Rana ta 6 da ta 7: taurin juyi, I

I yana auna wuyar sa abu ya fara juyawa ko ya daina. Haddace biyar: zobe MR², faifai ½MR², ƙwallo mai cikakken ciki ⅖MR², sanda a tsakiya ML²/12, sanda a ƙarshe ML²/3. Sanda ɗaya ce, amma I ɗinta ya ninka huɗu don kawai an mayar da layin juyawa ƙarshe. Ka tabbatar da kanka ta I = I₀ + Md², inda d take tazarar da aka matsar da layin juyawa: da d = L/2, ML²/12 + ML²/4 = ML²/3. I₀ dole ya zama na layin da ya ratsa cibiyar nauyi, ba wani layi ba. Sannan santimita: tunda R ana ninka shi da kansa, barin 20 cm ba a mayar da shi 0.2 m ba yana kumbura amsa sau 10,000.

Yammacin rana ta bakwai gwaji ne: tambayoyi goma, minti 40, babu leƙe. Duk wadda ka faɗi, rubuta dalilin faɗuwar a littafin kurakurai da jimla ɗaya, kamar "na sa faɗin faifai a wurin rabinsa". Rubuta amsar daidai kawai ba ya hana ka maimaitawa.

Rana ta 8 zuwa ta 10: fuli da kaya a rataye

Nan ne zuciyar sashen, shi ya sa ya ci kwana uku. Fuli faifai ne da aka naɗe wa igiya. A ce nasa M = 4 kg, R = 0.2 m, an rataye kaya m = 3 kg a igiyar aka saki, kuma g = 10 m/s². Ana neman ƙaruwar gudun kayan da ƙarfin jan igiya, T.

Fara da zane biyu, kowane abu da nasa. A kan kayan akwai nauyi 30 N yana ja ƙasa da T yana ja sama, don haka 30 − T = 3a. A kan fulin, abin da ke murɗa shi T ne kaɗai, don nauyinsa da riƙon sandar da yake kai duk ta tsakiya suka bi. I = ½ × 4 × 0.2² = 0.08 kg m², saboda haka T × 0.2 = 0.08α. Igiyar ba ta zamewa, to α = a ÷ 0.2. Sa wannan a ciki: 0.2T = 0.4a, wato T = 2a. Koma lissafin farko: 30 − 2a = 3a, a = 6 m/s², T = 12 N, α = 30 rad/s².

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne ɗaukar T daidai da nauyin kayan, 30 N. Bi shi ka ga inda zai kai ka: murɗi 6 N m, α = 75 rad/s², a = 15 m/s². Kayan da ke ɗaure da igiya ya fi wanda aka saki haka nan saurin faɗuwa ke nan, abin da ba zai yiwu ba. Duk lokacin da a ta wuce g a irin wannan tambaya, koma kan T. Igiya tana ja da cikakken nauyin kaya ne kawai in kayan na tsaye ko yana sauka da gudun da ba ya canzawa.

Rana ta tara ka sake tambayar ta hanyar makamashi. In kayan ya sauka 0.75 m, v² = 2 × 6 × 0.75 = 9, v = 3 m/s, ω = 15 rad/s. Abin da kayan ya rasa mgh = 22.5 J. Ya tafi gida biyu: ½mv² = 13.5 J a tafiyar kayan, ½Iω² = 9 J a juyin fulin. Jimla 22.5 J, ta yi daidai. A zauren jarrabawa, in tambaya ta nemi gudu bayan wata tazara kuma ba ta ambaci lokaci ko T ba, hanyar makamashi ta fi gajarta. Rana ta goma ka canza lambobin da kanka, sannan ka gwada kaya biyu a gefe biyu na fuli mai nauyi. A nan T biyu ne mabambanta, kuma bambancinsu ne ke juya fulin: (T₁ − T₂)R = Iα.

Rana ta 11: gangarawa ba zamewa

mgh = ½mv² + ½Iω², da ω = v/R. Daga tsayin 0.7 m, ƙwallo yana isa ƙasa da 3.16 m/s, faifai 3.06, zobe 2.65. M da R duk sun soke, siffa ce kaɗai ke raba su, kuma zobe ke zuwa ƙarshe don rabin makamashinsa ya tafi a juyi. In ka sami 3.74 m/s, ka manta da ½Iω². Wannan gudun abin da ya zame ne ba gogayya.

Rana ta 12: L = Iω

L a nan ba tsawon sanda ba ne, yawan motsin juyi ne. In babu murɗi daga waje, Iω ba ya canzawa. Faifai mai I = 0.3 kg m² yana juyawa da 8 rad/s, aka ɗora masa wani mai 0.1 kg m² da ke tsaye a kan layi ɗaya: 0.3 × 8 = 0.4ω, ω = 6 rad/s. Kada ka daidaita makamashi a nan, domin ya faɗi daga 9.6 J zuwa 7.2 J, gogayyar faifan biyu ta mayar da 2.4 J zafi.

Rana ta 13 da ta 14

Rana ta goma sha uku ka zauna da agogo ka amsa tambayoyin juyawa daga tsofaffin takardu, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowane maki. Rubuta fomula da haruffa kafin lambobi, kuma ka sa ma'auni a bayan kowace amsa, tunda masu duba takarda kan ba da maki a kan hanya ko da lambar ƙarshe ta kauce. Ranar ƙarshe babu sabon darasi. Buɗe littafin kurakurai, ka ƙirga dalilin da ya fi maimaituwa, ka warware tambayoyi biyar a kansa kaɗai, sannan ka rubuta takardar nan mai layi a tsakiya da tambayar fuli daga farko har ƙarshe, littafi a rufe.