Rage nauyin fayil ɗin PDF ba tare da ya dushe ba

Masu ɗora takardun neman aiki ko gurbin karatu a nan Maradi, kun san yadda shafin intanet ke cewa kada fayil ya wuce 2 MB, naku kuma ya kai 15. Nauyin nan daga hotunan sikan yake, domin rubutun da aka buga a Word bai cika nauyi ba. Shafi ɗaya mai launi a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, yana iya haura wannan iyaka shi kaɗai.

In kun je shagon kwamfuta, ku ce a yi sikan a 150 zuwa 200 dpi, a zaɓi niveaux de gris maimakon launi. A guji noir et blanc zalla, yana cinye hatimi da sa hannu. Takardar haihuwa, difloma da katin shaida, shafi 5 ke nan, galibi ba sa kai 2 MB a haka.

In fayil ɗin yana hannu tuni, manhajar kwamfuta mai suna Ghostscript na rage shi da wannan umarni:

```
gs -sDEVICE=pdfwrite -dPDFSETTINGS=/ebook -o karami.pdf babba.pdf
```

Wannan /ebook yana mayar da hotuna 150 dpi, haruffan da aka buga kuma ba ya taɓa su. Kada ku sa /screen a madadinsa, 72 dpi ne, ƙananan lambobi kan ɓace.

Kafin ɗorawa ku buɗe shi, ku faɗaɗa zuwa 200%, ku duba lambar difloma da ranar haihuwa. In 3 ta fara kama da 8, an matse da yawa. Sai ku koma kan fayil na asali, don matse wanda aka riga aka matse ƙara ɓata shi yake.